Tsarin mako huɗu kafin jarrabawar ilimin furuci: karatu da awo a jadawali guda

Darasin ilimin furuci yakan zo wa ɗalibi da jarrabawa iri biyu. A ta farko ana ba shi takarda ya bayyana yadda ake furta sauti, da bambancin tsayau da zuzau, da abin da ke haddasa karin sama da karin ƙasa. A ta biyu kuwa ana zaunar da shi ya saurari kalmomi ya rubuta su da haruffan sauti, ko a buɗe masa muryar wani a cikin na'ura a ce ya auna tsayin wasali ya faɗi abin da ya gani. Yawancinmu mukan ba ta farko mako uku da rabi, mu bar wa ta biyu daren ƙarshe, bisa zaton cewa wanda ya san bayanin abu ba zai kasa yin sa ba. Haka na yi a shekarata ta farko. Na shiga ɗakin na haddace siffofin baƙaƙen Hausa kaf, amma da aka buɗe mini kalmar «gari» a fuskar na'ura aka ce in nuna inda wasalin farko ya ƙare, sai na kwashe kusan rabin lokacina ina neman iyakar da ban taɓa neman ta ba a rayuwata.

Dalilin wannan tuntuɓe shi ne ayyukan biyu ba su shiga mutum ta hanya ɗaya. Bayani yana jure a tara shi: kana iya zama awa uku ka karance babi guda, washegari kuma yana nan a kanka. Kunne da hannu ba su jure haka. Bayan minti ashirin na sauraron karin sauti kunne yakan dushe, har kalmomin da ka sani tun kana goye su soma yi maka kama da juna. Saboda haka awa shida a rana ɗaya ba ta kai minti goma sha biyar kullum na tsawon mako huɗu ba, ko da yake jimillarsu ɗaya ce idan an bar Juma'a. Jadawalin da zan bayyana a nan an gina shi ne a kan wannan bambanci, da kuma wani abu da kowa ya sani: littafi kullum yana hannunka, amma na'ura da wutar lantarki da wurin da babu hayaniya ba kullum ake samun su ba.

Zagayen kwana uku

Abin da ya fi wuyar samu shi ake fara kafawa a jadawali. A ce ku huɗu ne kuke amfani da na'ura guda, kuma abin da ya faɗo maka shi ne awa ɗaya da rabi ranar Lahadi da awa ɗaya da rabi ranar Laraba. Waɗannan ranaku biyu su ne turaku, sauran karatun kuma a jikinsu za a ɗaure shi. Ranar da ta gabaci awo, wato Asabar da Talata, ta karatu ce: ka karanta babi guda kaɗai, wanda ya shafi abin da za ka auna gobe, sannan ka rubuta hasashe cikin layi biyu ko uku game da abin da kake sa ran gani. Ranar da ta biyo bayan awo, wato Litinin da Alhamis, ta rubutu ce: ka rufe littafi ka rubuta shafi guda kana bayyana sakamakonka kamar amsar tambayar jarrabawa. Juma'a ta hutu ce. A kowace rana daga cikin shidan kuma akwai minti goma sha biyar na horon kunne, wanda ba ya bukatar na'ura.

Mako huɗu yana ba da zagaye takwas. Ni na fi son a ba tsayin wasali biyu, karin sauti biyu, baƙaƙe masu ƙugiya biyu, a bar biyun ƙarshe don gwajin jarrabawa. Wanda malaminsa ya fi nauyaya wasu babuka sai ya sauya batutuwan, amma kada ya taɓa biyun ƙarshe. Kafin a zana komai kuma, ya kamata a tambayi malami abu uku: maki nawa kowane ɓangare yake ɗauke da shi, minti nawa ake ba ɗalibi a gwajin aiki, kuma murya za a ba shi ya auna ko hoton da aka riga aka buga a takarda. Amsar ta uku tana sauya shiri sosai, domin karanta hoton takarda aikin ido ne, ana iya koyon sa ko da babu wuta.

Hasashen nan na ranar karatu shi ne igiyar da ke haɗa ɓangarorin biyu, kuma shi ne abin da ɗalibai suka fi tsallakewa. Wanda ya zauna gaban na'ura ba tare da ya rubuta abin da yake jira ba, duk lambar da ta fito masa karɓa zai yi, domin ba shi da abin da zai gwada ta da shi.

Misali: gari da gari

Mu bi zagayen farko daki-daki. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsayin wasali, ba ya nuna karin sauti, shi ya sa garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi suke da rubutu ɗaya. A rubutun nazari, inda ake ninka dogon wasali a kuma ɗora alama a kan karin ƙasa, na farko gàrii ne, na biyu gàarii. Karin sautinsu ɗaya ne, ƙasa sannan sama, baƙaƙensu ma ɗaya ne. Tsayin wasalin farko kaɗai ya raba su, don haka babu kalmomin da suka fi su dacewa da fara koyon awo.

Ranar Asabar ka karanta babin wasula, ka rubuta hasashenka: wasalin garin tuwo zai fi na garin zama tsawo a fili, kuma gajeren zai ɗan karkata zuwa tsakiyar baki, ba zai buɗe kamar dogon ba. A ranar kuma ka ɗauki murya, domin bai kamata ka ɓata awa ɗaya da rabin na'ura wajen ɗauka ba. Kada a furta kalmar ita kaɗai. A sa ta cikin jimla guda da ba ta sauyawa, kamar «Na ce gari sau biyu», a maimaita kowace sau uku, ana cakuɗa su da wasu kalmomi. Dalili kuwa shi ne kalmar da aka furta ita kaɗai takan ja, ƙarshenta kuma yakan sauya saboda dakatawa, sannan mai magana da ya gane abin da ake nema yakan ƙara wa bambancin gishiri. A kashe fanka, a rufe taga, a riƙe waya kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don kada iskar furuci ta bugi makirufo. Da kake ɗaukar murya, ka ɗauki kalmomin zagaye shidan gaba ɗaya a zama guda, domin shirun da ka samu yau ba lalle ka same shi jibi ba.

Akwai wani tarko a nan da ya cinye wa mutane da yawa ranar awo. Manhajar da aka fi amfani da ita, Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam kuma ake samun ta kyauta, ba kowane irin fayil take buɗewa ba. Wayoyi da yawa suna adana murya a sigar `.m4a`, wadda ba ta karɓa. Ka saita wayarka ta ɗauka a sigar `.wav` idan tana iyawa, ko ka juya fayil ɗin tun ranar Asabar. Kada kuma ka aika muryar a matsayin saƙon murya, domin ana matse ta a hanya, ingancinta ya ragu.

Ranar Lahadi matakan ba su da yawa:

```
Open > Read from file...
Annotate > To TextGrid...
View & Edit
```

Kafin mataki na uku sai ka zaɓi sautin da `TextGrid` ɗin tare. Za ka ga igiyar sauti a sama, hoton inuwa mai baƙi da toka-toka a ƙasanta, da layin da za ka sa iyakoki a can ƙasa. Wasalin yana farawa ne bayan sakin g, inda igiyar ta soma maimaita kanta da ƙarfi, zare-zaren baƙi kuma suka bayyana kwance a hoton inuwa. Ƙarshensa ya fi wuya, domin r ɗin gari bugu ɗaya ne na harshe, mai saurin gaske. Abin da za ka nema shi ne wurin da igiyar ta tsuke na ɗan lokaci, hoton kuma ya yi haske kamar an goge shi da yatsa. Farkon wannan tsukewa nan ne iyakar. Ka zaɓi yankin, ka danna `Tab` ka saurara: idan ka ji ɗanɗanon r a ƙarshe, ka wuce gona da iri.

A ce lambobin da ka samu su ne 0.070 da 0.075 da 0.068 ga garin zama, sai 0.150 da 0.142 da 0.155 ga garin tuwo. Praat da sakan take ba da tsawon lokaci, don haka sai ka ninka da 1000 ka sami milisakan. Matsakaicin na farko 71 ne, na biyu 149, wato dogon ya ninka gajeren sau biyu da ɗan ɗoriya. Waɗannan lambobi na misali ne kawai, naka za su bambanta gwargwadon mai magana da saurin maganarsa, kuma abin da ya kamata ka riƙe shi ne dangantakar da ke tsakanin biyun. Lura da yadda kuskuren iyaka yake cin gajeren wasali fiye da dogo: idan ka shigar da milisakan 15 na r a cikin kowannensu, 71 ya koma 86, 149 ya koma 164, ninkin ya faɗo ƙasa da biyu. Shi ya sa ake rubuta ƙa'idar sa iyaka a takarda kafin a fara, a kuma bi ta a duk kalmomin shida. Idan ɗaya daga cikin ukun ya yi nisa da ƴan'uwansa, kamar ka sami 110 a tsakanin 70 da 75, kada ka jefa shi cikin lissafi kai tsaye. Koma ka saurara. Sau da yawa mai maganar ne ya yi jinkiri, ko kuwa ɗayar kalmar ya furta. Kafin ka tashi ka adana aikinka da `Save as text file...`, domin manhajar ba ta adanawa da kanta, kuma ɗaukewar wuta a na'urar da batirinta ya mutu takan tafi da aikin awa guda.

Ranar Litinin ka rubuta shafinka: mene ne ya sa ake cewa tsayin wasali yana bambanta ma'ana a Hausa, wace hujja ka samu, ta yaya ka auna. Wannan shafi shi ne bitar jarrabawar rubutu. Ba ka bukatar ware mata wani lokaci dabam a kan wannan babi, kuma amsar da ke ɗauke da misalin da mutum ya auna da hannunsa ba ta kama da wadda aka kwafo daga allo.

Minti goma sha biyar na kunne

Mai jin Hausa tun haihuwa yakan raina wannan ɓangare, alhali shi ne ya fi faɗawa rami. Yana jin bambancin kalmomi ba tare da wata wahala ba, amma bai taɓa ba bambancin suna ba. Ka ce masa ya rubuta «fara» uku: fara ta launi, fara ta ƙwaro, da fara ta soma aiki. Ta farko faraa ce, gajeren wasali, sama da sama. Ta biyu fàaraa, dogon wasali, ƙasa da sama. Ta uku faaràa, dogon wasali, sama da ƙasa. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki tsawo a matsayin karin sama, a ba farar ƙwaro karin sama a gaɓar farko don kawai ta ja.

Maganin abin shi ne a raba tambayoyin biyu. Ku zauna ku biyu, ɗaya ya karanta kalmomi goma a cikin jimla, ɗaya ya rubuta. A karatun farko tsayi kaɗai ake saurare. A na biyu mai rubutu ya rufe baki ya yi gunjin kalmar ta hanci, ko ya yi ta da fito, yadda baƙaƙe da wasula za su ɓace a bar hawa da saukar murya tsirara. Sannan a kwatanta ta da kalmomin ma'auni da aka riga aka tabbatar: kukan yaro na sama da sama, wuyan jiki na sama da ƙasa, wuyar aiki ta ƙasa da sama. Kullum ka rubuta yawan da ka ci cikin goma, ka kuma ware kalmomin da ka faɗi, su za a fara da su gobe. Idan abokin zamanka harshensa na farko Zabarmanci ne ko Fulatanci, ribar ta fi yawa. Bazabarme ya saba da karin sauti amma ƙ na iya ba shi wuya, Bafulatani kuwa yana da ɓ da ɗ da dogayen wasula a harshensa amma ba shi da karin sauti mai bambanta kalmomi, don haka tambayoyinsu sukan tilasta maka bayyana abin da kake zaton ba ya bukatar bayani. Idan kuma kai da abokinka kun saɓa a kan wata kalma, shi mutumin Tawa kai na Damagaram, kada ku yi saurin cewa ɗaya ya yi kuskure. Ku rubuta furucin biyu, ku kai wa malami.

Lokacin da na'ura ta saɓa wa littafi

A zagaye na uku da na huɗu, na karin sauti, nan ne amfanin karatun jiya yake fitowa fili. Babin ya koya maka cewa karin sauti ya danganta da saurin kaɗawar tantanin maƙwallato, kuma ana lissafa shi da `F0 = 1/T`, inda T yake nufin tsawon kaɗawa ɗaya. A ce kana auna kuka ta itace, kuukàa, a muryar namiji, ka ga 150 Hz a gaɓar farko, layin kuma ya yi tsalle zuwa 230 a ta biyu, alhali hasashenka ya ce sauka za ta yi. Wanda bai yi hasashe ba sai ya rubuta 230 ya wuce. Kai kuwa sai ka faɗaɗa igiyar, ka ƙirga kaɗawa goma a tsakiyar wasalin, ka duba tsawonsu. Idan ka sami sakan 0.087, kaɗawa ɗaya 0.0087 ke nan, wanda ya ba da kusan 115 Hz. Na'urar ce ta ninka lambar, kuskuren da takan yi idan iyakokin da aka ba ta ba su dace da muryar ba. Ana gyara su a saitin `Pitch`: kimanin 75 zuwa 300 ga namiji, 100 zuwa 500 ga mace. Wannan lissafi na hannu ya cancanci a maimaita shi har ya zama jiki, domin yana iya fitowa a jarrabawar rubutu, kuma shi ne kaɗai hanyar kama na'ura idan ta yi ƙarya.

Wani abin mamakin yana jiran ka a ƙarshen jimlar. Kalmar «biyu» karin sama gare ta, amma za ka tarar gaɓarta ta farko ba ta kai 150 ɗin «ku» ba, wataƙila ta tsaya wajen 128. Ba kuskure ba ne. A jimlar bayani ta Hausa, karin saman da ya biyo bayan karin ƙasa yakan sauko ƙasa da na gabaninsa, kuma «sau» karin ƙasa ne. Darasin da za ka rubuta ranar bayani shi ne babu wata lamba da ake kira karin sama. Ana gane shi ne ta kwatanta gaɓa da maƙwabtanta.

Zagaye na biyar da na shida suna bin wannan salo, da kalmomi irin su bakin mutum da baƙin da suka sauka a gida, bàakii da bàaƙii. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin sakin baƙin da farkon wasali: bayan k akan ga ɗan hucin iska, bayan ƙ kuwa akan ga tazarar ta fi zama wayam, domin maƙwallato yana rufe lokacin da aka saki hanɗa. A bakin wasu masu magana bambancin yakan yi rauni a hoto, kuma faɗin haka a amsa ya fi ƙirƙiro abin da ba a gani ba.

Idan ranar awo ta zo babu wuta, kada a tura zagayen gaba ɗaya, domin turi ɗaya yakan ci ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ƙarshe. A yi aikin a takarda. Shi ya sa yake da kyau duk ranar da ka sami na'ura ka ɗauki hoton fuskarta sau huɗu ko biyar da wayarka, ba tare da iyakoki a kai ba, don ka sami abin da za ka yi wa alama da ido. Ka kuma tanadi shafi guda mai gida uku, inda kowace kalmar fanni take da sunanta na Faransanci da malami yake amfani da shi, da na Hausa, da abin da aka rubuta a Praat da Ingilishi. Mintoci da yawa sukan salwanta a ɗakin jarrabawa wajen neman maɓallin abin da ɗalibi ya sani sarai da wani harshe.

Makon ƙarshe

A zagaye na bakwai abokinka ya ba ka muryar da ba ka taɓa ji ba, da sunan fayil da ba ya tona abin da ke ciki, ya riƙe agogo daidai da mintocin da malami ya faɗa. Idan minti talatin ne, ka ware biyar na buɗewa da sauraro, goma sha biyar na sa iyakoki da awo, goma na rubuta bayani, kuma da lokacin awo ya cika ka daina ko da saura kalma ɗaya. Idan zai yiwu a yi gwajin a na'urar da ba taka ba, domin na'urorin ɗakin jarrabawa suna iya zuwa da saitin da wani ya bari. Danna `Standards` a akwatin saiti yana mai da shi yadda ya zo, sannan ka sa iyakokin da suka dace da muryar. Washegari ka amsa tsohuwar tambayar rubutu guda cikin lokaci, ka duba shafuka shidan da ka rubuta a makonnin baya. Abin da ya fi cinye maka lokaci a gwajin farko, ko iyakar r ce ko juya sakan zuwa milisakan, shi kaɗai za ka maimaita ranar Talata, kafin gwaji na biyu ranar Laraba da wata sabuwar murya, wannan karon ta mace idan ta farko ta namiji ce.